Canva, PowerPoint ko Keynote: Ka Fara Sanin Kwamfutar da Za Ta Haska Jawabinka

Yawancin waɗanda za su gabatar da jawabi na farko mai nauyi, ko kare aikin bincike ne ko kai rahoto gaban shugabanni, suna fara zaɓen manhaja ne da tambayar wacce ta fi fitar da shafuka masu kyau. A wurinmu wannan tambayar ƙarshe ce. Duka ukun suna iya fitar da shafi mai tsabta. Inda suke rabuwa shi ne ranar da fayil ɗin ya bar hannunka, ya shiga kwamfutar wani, ko ya je gaban wanda zai yi maka gyara. A nan ne rubutu yake zamewa daga gurbinsa, bidiyo ya ƙi tashi, linki ya ce ba ka da izini. Saboda haka za mu bi zaɓen daga ƙarshe zuwa farko.

Tambayoyi uku kafin ka buɗe kowace manhaja

Ta farko, wace kwamfuta za a haɗa da majigi? Ka tambayi mai shirya taron kai tsaye: da tawa zan zo, ko akwai ta ɗakin taro? Idan ta ɗakin ce, Windows ce ko Mac, kuma tana da intanet? Ta biyu, wa zai taɓa fayil ɗin bayan kai? Akwai bambanci babba tsakanin wanda zai duba kawai da wanda zai gyara kalma ko lamba da hannunsa. Ta uku, me ke cikin jawabin? Idan hotuna ne da gajerun jimloli, wannan aiki ɗaya ne. Idan alƙaluma ne da jadawali waɗanda za su iya canzawa kafin ranar, wannan wani aiki ne daban.

Amsoshin nan uku su kaɗai sukan yanke hukunci. Idan aka ce maka a turo fayil kwana ɗaya kafin taro domin a ɗora a kwamfutar ɗakin, to kusan kullum `.pptx` ake nufi, wato fayil ɗin PowerPoint, ko da ba a faɗa ba. Idan aka ce ka zo da kwamfutarka, hannunka ya buɗe, kana iya ɗaukar duk wadda ta fi maka daɗi.

Yadda kowacce take zaune

PowerPoint ta kamfanin Microsoft ce, ta fito a 1987, kuma ita ce yawancin ofisoshi da makarantu suka saba da ita. Aikinka yana zama fayil guda da kake iya ɗorawa a filashi ko ka tura ta imel. Keynote ta Apple ce, ta fito a 2003, fayil ɗinta yana ƙarewa da `.key`, kuma babu manhajarta ta Windows ko ta Android. Canva kamfanin ƙasar Ostireliya ne da ya fara aiki a 2013, kuma a kan intanet take zaune: aikinka yana ajiye a asusunka, sai ka sauke shi ne yake zama fayil a hannunka.

Wannan bambancin na inda aiki yake zaune shi ne tushen kusan duk matsalar da za mu ambata a ƙasa. Ka riƙe shi.

Kuɗi: inda kyauta take ƙarewa

Kowacce cikin ukun tana da hanyar amfani ba tare da biyan ko sisi ba, amma kowacce kyautar tana da iyaka a wani wuri daban.

PowerPoint ta burauza kyauta ce ga duk mai asusun Microsoft, kuma ana ba ka gigabayit 5 na ajiya a OneDrive. Tana isa a rubuta shafuka, a sa hotuna, a yi aiki tare da wani, a kuma sauke fayil ɗin `.pptx`. Wadda ake girkawa a kwamfuta ita ce ta kuɗi, ko dai ta biyan wata-wata ko shekara-shekara a tsarin Microsoft 365, ko ta sayen Office sau ɗaya. Kafin ka biya, ka duba ko imel ɗin makarantarka ko na wurin aikinka yana ɗauke da lasisi, domin mutane da yawa suna da shi ba su sani ba. Ka kuma kula da kwamfutar da Office ɗinta ba a kunna lasisinta ba: takan bar ka ka buɗe fayil ka duba, amma ta hana ka gyara, kuma mutum ba ya gane haka sai lokacin da yake son canza lamba ɗaya minti biyar kafin a fara.

Keynote kyauta ce ga mai Mac ko iPad ko iPhone. Kuɗinta yana cikin na'urar da ka riga ka saya. Ana iya buɗe ta a burauzar Windows ta shafin iCloud idan kana da asusun Apple, amma ba mu ba da shawarar mai Windows ya gina jawabinsa na farko ta nan ba, tunda ya ɗauki wahalar tsarin Apple ne ba tare da ya sami daɗinsa ba. Kada kuma wani ya sayi Mac saboda jawabi ɗaya.

Canva ce ta fi buƙatar a buɗe ido. Tsarinta na kyauta yana da yalwa sosai, amma an gauraya kayan kyauta da na kuɗi a wuri guda. Duk hoto ko samfuri ko salon rubutu da ka ga alamar kambi a jikinsa na Canva Pro ne. Abin da yake faruwa kullum shi ne mutum ya zaɓi samfuri mai kyau, ya kwana biyu yana cika shi, sai ya zo saukewa a nuna masa cewa akwai kayan kuɗi a ciki, ko ya ga layukan tambarin Canva sun ratsa hoton. A lokacin ya gaji, sai ya danna gwajin kyauta na kwana 30 ya sa katinsa, ya manta, wata ya zagayo a cire kuɗi. Gwajin Microsoft 365 ma haka yake sabunta kansa. Maganin mai sauƙi ne: tun a shafi na biyu ka gwada `Share` sannan `Download`. Idan akwai kayan kuɗi, a nan za a gaya maka tun ba ka yi nisa ba. Idan kuma ka shiga gwaji da gangan, ka rubuta ranar ƙarewarsa a kalandar wayarka a take.

Abubuwan da Pro take ƙarawa, irin su cire bayan hoto, da ɗora salon rubutu naka, da ajiye launukan kamfani wuri guda, suna da amfani ga mai yin zane kowane mako. Jawabi ɗaya mai shafi goma sha biyu ba ya buƙatar su. Hukuncinmu a kan kuɗi shi ne, jawabin farko bai cancanci a biya masa komai ba, sai fa idan za ka yi aiki inda intanet ba ta da tabbas, wanda a nan PowerPoint ta kan kwamfuta tana biyan kuɗinta.

Misali guda, mu bi shi har ƙarshe

Mu ɗauki ma'aikacin da aka ba minti 15 ya gabatar da rahoton wata shida. Shafukansa 12 ne. A ciki akwai zanen alƙaluma guda biyu, jadawali ɗaya mai layi shida, hotuna biyar, da bidiyo na daƙiƙa 40 da aka ɗauka da waya. Shugabar sashensa za ta duba ta gyara kafin ranar. Kwamfutar ɗakin taro Windows ce, an ce a kawo fayil a filashi, kuma ba a yi alkawarin intanet ba. Shi kuma yana da kwamfutar Windows, ya taɓa yin fosta a Canva, kuma ya fi sakewa da ita.

Zuciyarsa za ta ja shi zuwa Canva, kuma muna gane dalili. Samfuranta sun riga sun daidaita launi da tazara, mutum yana jawo hoto ya ajiye, shafi ya fito da kyau ba tare da ya san ƙa'idar zane ba. Amma mu bi abin da zai faru. Tunda fayil ake so a filashi, dole ya sauke aikin a matsayin `PPTX`. A wannan juyin ne abubuwa uku sukan lalace.

Na farko salon rubutu. Fayil ɗin yana ɗauke da sunan salon ne, kwamfutar da ta buɗe shi ita za ta nemo salon a cikinta. Yawancin salon da ke cikin samfuran Canva babu su a Windows, don haka PowerPoint za ta sa wani a madadinsa ba tare da ta tambaye ka ba. Haruffan sabon salon ba faɗinsu ɗaya da na tsohon ba. Kan magana da ya zauna daidai a layi ɗaya sai kalmarsa ta ƙarshe ta faɗo layi na biyu, ta hau kan hoton da ke ƙasa. Alamar da za ka gane hakan ita ce sunan salon yana nan a akwatin sama, amma siffar haruffan ba ita ce wadda ka sani ba. Na biyu motsi: yawancin motsin shiga da fita na Canva ba sa ƙetarewa yadda suke. Na uku zanen alƙaluma, wanda sau da yawa yakan iso PowerPoint ba tare da jadawalin lambobinsa a bayansa ba. Idan shugabar ta ce alƙaluman watan Mayu 47 ne ba 41 ba, ba za ta iya gyarawa a fayil ɗin da ke gabanta ba. Sai ya koma Canva, ya gyara, ya sake saukewa, ya sake daidaita duk abin da ya zame. Gyara uku irin wannan sun isa su cinye masa dare guda.

A PowerPoint kuwa, idan ya bi `Insert` sannan `Chart`, ƙaramin jadawalin Excel yana buɗewa, lambobin suna zaune a cikin fayil ɗin. Shugabar za ta danna dama a kan zanen, ta zaɓi `Edit Data`, ta mayar da 41 zuwa 47, sandar ta tashi da kanta. Ga wannan ma'aikacin babu jayayya, PowerPoint ce. Ba don ta fi kyau ba, sai don ita ce a ƙarshen hanyar, kuma duk juyi daga wata manhaja zuwa wata yana da asara.

Idan yana son ya amfana da Canva duk da haka, akwai hanya mai tsabta: ya zana shafin farko ko wani hoto mai bayani a can, ya sauke shi a matsayin `PNG`, ya sa shi cikin PowerPoint kamar kowane hoto. Hoto ba ya zamewa. Sharaɗin kawai shi ne kada ya sa lambar da za ta iya canzawa a ciki.

Yanzu mu canza abu ɗaya a misalin. A ce ba ɗakin taro ba ne, ta intanet za a yi, shi zai nuna allonsa, kuma bayan taron za a tura wa mutane linki su duba a wayoyinsu. A ce kuma babu alƙaluman da za su canza. A nan Canva ta yi nasara, domin aikin bai bar gidansa ba: a cikinta aka gina, a cikinta za a nuna, babu juyi. Idan kuma muka ce yana da Mac, kuma an yarda ya haɗa tasa da majigi, to Keynote ce ta fi dacewa da shi. Tana aiki ba intanet, tana sarrafa bidiyo da hoto cikin sauƙi, kuma yana iya mayar da iPhone ɗinsa abin juya shafi ta cikin manhajar Keynote ɗin kanta. Abin da zai tanada shi ne adaftar `USB-C` zuwa `HDMI`, tunda wasu kwamfutocin Mac ba su da ramin `HDMI`. Idan majigin tsoho ne mai `VGA`, ya sani cewa wannan igiyar ba ta ɗaukar sauti, bidiyonsa zai buƙaci lasifika daban.

Mai Keynote da aka ce ya kawo `.pptx` yana cikin halin mai Canva, duk da cewa asararsa ta fi sauƙi. Zai bi `File`, `Export To`, `PowerPoint`. Rubutu da jadawali sukan ƙetare lafiya, amma samfuran Keynote da dama suna amfani da salo irin `Helvetica Neue` da `Avenir`, waɗanda suke zuwa da Mac, babu su a Windows. Ya canza su zuwa `Arial` tun kafin ya fara rubutu. Kada kuma ya tura wa mai Windows fayil ɗin `.key` kai tsaye, PowerPoint ba ta buɗe shi.

Gwajin shafi uku

Duk wanda har yanzu yake kokwanto, ga abin da muke ba shi shawara, kuma bai wuce minti 40 ba. Kada ka gina jawabin gaba ɗaya. Ka ɗauki shafuka uku mafi wuya a cikinsa: wanda ya fi yawan rubutu, wanda yake da zanen alƙaluma, da wanda yake da bidiyo. Ka gina su a manhajar da kake so. Sannan ka fitar da su ta ainihin hanyar da za ka bi a ranar, ko filashi ko linki, ka buɗe su a wata kwamfuta da ba taka ba, wadda ta yi kama da ta ɗakin taron. Ka kashe intanet ɗin wannan kwamfutar idan ba a yi maka alkawarinta ba. Ka duba abu huɗu: rubutu yana inda ka bar shi, ana iya gyara lamba a zanen, bidiyo yana tashi da sautinsa, kuma bayananka na sirri na ƙasan shafi suna nan.

Dalilin da ya sa dole a yi gwajin a wata kwamfuta shi ne, taka tana ɓoye maka matsala. Salon rubutun yana cikinta, ka riga ka shiga asusunka, bidiyon yana ajiye a cikinta. Komai zai yi aiki a gabanka, ya ƙi a gaban mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan jawabin da Hausa ne, ka ƙara gwaji ɗaya: ka rubuta kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ a kan magana da cikin jiki. Salon ado da yawa ba su da waɗannan haruffan, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko ya zama akwati fanko. `Noto Sans` yana da su duka.

Gina shafukan bayan ka zaɓa

Mu koma ga ma'aikacinmu da PowerPoint ɗinsa. Kafin ya rubuta kalma ɗaya, ya tabbatar da girman shafi a `Design`, `Slide Size`. Tsarin 16:9 shi ne na yau da kullum, kuma shi ne ya dace da yawancin majigi da talabijin na yanzu. Canza girman bayan an gama aiki yana matse hotuna yana wargaza jeri, don haka yanzu ne lokacinsa.

Daga nan ya shiga `View`, `Slide Master`, ya sa salon rubutu da launi da tambarin wurin aikinsa sau ɗaya. Wannan shafin uwa ne, duk abin da aka sa a kansa yana sauka a sauran. Sabon hannu yakan tsallake wannan matakin, ya riƙa gyara kowane shafi da hannu, sai a ƙarshe kan magana na shafi na uku ya fi na bakwai girma, kuma idan aka ce a canza launi sai ya bi shafi 12 ɗaya bayan ɗaya. Keynote tana da irin wannan a ƙarƙashin `Edit Slide Layouts`. Wannan na daga cikin wuraren da waɗannan biyun suka fi Canva ƙarfi idan jawabi ya yi tsawo.

Girman rubutu yana da wani tarko da mutane kaɗan suka sani. A PowerPoint, jikin rubutu kada ya gaza 24, kan magana kuma tsakanin 32 da 40. Amma wannan lambar ba ta ƙetarewa zuwa sauran manhajojin. Shafin PowerPoint na 16:9 faɗinsa inci 13.33 ne, wato awo 960 a ma'aunin rubutu, shi kuwa faffaɗan shafin Keynote awo 1920 ne. Ke nan 24 na PowerPoint daidai yake da 48 a Keynote. A Canva ma, inda shafin yake 1920 da 1080, lamba 24 tana fitowa ƙarama fiye da ta PowerPoint. Wanda ya ji an ce 24 ya je ya sa ta a Keynote zai fitar da rubutun da na layin baya ba zai iya karantawa ba. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne ka cika allon kwamfutarka da shafin, ka ja baya kamar taku huɗu ko biyar. Abin da ba ka iya karantawa daga nan, ka ƙara masa girma ko ka rage kalmominsa.

Bidiyon nan na daƙiƙa 40 shi ne abin da ya fi iya ba shi kunya. Ya sa shi ta `Insert`, `Video`, `This Device`, domin ya shiga cikin fayil ɗin ya yi tafiya tare da shi. Linkin YouTube ba ya tashi sai da intanet. Ya kuma duba nau'in bidiyon: wanda ya fi aminci shi ne `MP4` mai tsarin `H.264`. Wayoyin iPhone sukan ɗauki bidiyo a tsarin `HEVC`, kuma kwamfutar Windows da ba ta da abin karanta shi za ta nuna baƙin akwati ko ta ba da sauti babu hoto. Idan haka ne, ya juya bidiyon zuwa `H.264` tukuna. Bayan haka ya ajiye kwafin bidiyon shi kaɗai a filashin, ko da na cikin shafin ya ƙi.

Hotuna biyar daga waya tare da bidiyo suna iya kai fayil sama da megabayit 25, wanda shi ne iyakar abin da Gmail take ɗauka a maƙale. Majigi na yau da kullum ba ya nuna fiye da 1920 da 1080, don haka sauran nauyin hoton ba ya amfanar kowa. Ya danna hoto ɗaya, ya shiga `Picture Format`, `Compress Pictures`, ya cire alamar da ke kan `Apply only to this picture` domin a matse duka. Na bidiyo yana `File`, `Info`, `Compress Media` a PowerPoint ta Windows.

Game da salon rubutu, ko a tsakanin PowerPoint da PowerPoint ana samun matsala idan ka girka wani salo na musamman a taka kwamfutar. A Windows akwai `File`, `Options`, `Save`, `Embed fonts in the file`, wanda yake cusa salon cikin fayil. Yana taimakawa, amma ba kowane salo ne lasisinsa ya yarda a cusa shi ba. Ga jawabin farko mun fi son hanya mai sauƙi: `Arial` ko wani salo da ya zo da kwamfutar, a wuce wurin. Babu wanda zai tuna salon rubutunka, amma kowa zai ga kalmar da ta hau kan hoto.

Turawa: a duba ne ko a gyara

Ga shugabar da za ta yi gyara, hanya mafi tsabta ita ce fayil ɗaya a OneDrive, a tura mata linki mai izinin `Can edit`. Idan aka riƙa musayar fayil ta imel, nan da nan za a sami kwafi huɗu masu suna kusan iri ɗaya, kuma wanda ya shiga filashi ba lallai ya zama na ƙarshe ba. Canva ma tana da ƙarfi a wannan fannin, mutum biyu suna iya aiki a shafi ɗaya a lokaci guda, kuma ana iya ba da izinin dubawa kawai, ko na yin tsokaci, ko na gyara. Keynote tana yin haka ta iCloud, sai dai idan ka taƙaita linkin ga waɗanda ka gayyata, kowannensu sai ya shiga da asusun Apple, abin da yakan tsayar da mai Windows.

Kowane linki ka ƙirƙira, ka gwada shi a tagar sirri ta burauza, inda ba ka shiga asusunka ba. Idan ya nemi ka shiga ko ya ce ka roƙi izini, to haka zai yi wa wanda ka tura wa. Ka kuma duba ɗaya ɓangaren: linki mai izinin gyara ga duk wanda ya same shi yana nufin duk wanda aka tura wa daga baya zai iya goge shafi.

Ga waɗanda za su karanta kawai, `PDF` ne amsa a duka manhajojin uku. Yana riƙe salon rubutu da jeri daidai yadda ka bar su, yana buɗewa a kowace waya. Abin da yake zubarwa shi ne motsi da bidiyo. Idan ka jera abubuwa a kan juna domin su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a `PDF` duk za su fito tare su rufe juna, don haka ka duba irin waɗannan shafukan. Keynote tana da zaɓi a wurin fitarwa da yake mayar da kowane matakin motsi shafi mai zaman kansa. Akwai kuma wani dalili na tura `PDF`: fayil ɗin `.pptx` yana tafiya da duk abin da ka rubuta a `Notes`, har da tunatarwar da ka yi wa kanka kan tambayar da kake tsoro. Idan dole `.pptx` za ka tura, ka yi kwafi, ka bi `File`, `Info`, `Check for Issues`, `Inspect Document`, ka cire bayanan daga kwafin.

Ranar jawabin

A filashin ma'aikacinmu ya kamata a sami abu uku: fayil ɗin `.pptx`, kwafinsa na `PDF`, da bidiyon shi kaɗai. Mai Canva da mai Keynote ma su riƙe `PDF`, musamman mai Canva, tunda intanet ɗin ɗakin taro takan yi rauni daidai lokacin da mutane suka cika ɗakin kowa ya haɗa wayarsa. Ya iso da minti 20 ko 30 a hannu, ya kwafe fayil ɗin daga filashi zuwa kan kwamfutar kafin ya buɗe, domin bidiyo yakan riƙa sarƙewa idan daga filashi yake tashi, kuma hannu na iya taɓa filashin ya zare.

`F5` yana fara jawabi daga shafin farko, `Shift+F5` daga shafin da kake kai. Idan kana son ka ga bayananka da agogo a allonka yayin da jama'a suke ganin shafi kaɗai, wannan shi ne `Presenter View`, kuma yana buƙatar kwamfutar ta ɗauki majigin a matsayin allo na biyu. Idan ka ga abu ɗaya a duka biyun, ka danna `Windows+P` ka zaɓi `Extend`. Idan kuma bayananka ne suka fito a bango, shafin ya dawo gabanka, ka shiga `Display Settings` a saman allon ka musanya su. Ana iya gwada wannan a gida da allo ɗaya ta `Alt+F5`, kuma ya kamata a yi atisaye da shi aƙalla sau biyu da agogo. Minti 15 a shafi 12 yana ba ka minti ɗaya da ɗan wani abu a kowane shafi, kuma bidiyon ya riga ya ci daƙiƙa 40.

Maɓallai biyu za su yi maka rana lokacin tambayoyi. Idan wani ya ce a koma zanen alƙaluma na shafi na 7, ka rubuta `7` ka danna `Enter`, PowerPoint za ta kai ka can kai tsaye. Idan kuma kana son idanu su bar bango su dawo kanka, `B` yana baƙanta allon a PowerPoint da Keynote. A Canva wannan maɓallin dusashe shafin yake yi, kuma wasu haruffan suna da nasu aikin, `C` yana watso takardun biki masu launi a allo, `D` yana buga ganga, saboda haka mai gabatarwa da Canva ya ɗauke yatsunsa daga kan haruffa ya tsaya a kan kibiyoyi.